Zama Uku, Rubutu Uku: Bambancin Bayanin Zaman Kwamiti, na Amintattu da na Babban Taro

A shirinmu na yau za mu yi magana ne da shugabanni da sakatarori da mambobin ƙungiyoyi masu rajista: ƙungiyoyin ci gaban gari, na tsofaffin ɗalibai, na 'yan kasuwa, na masallatai da majami'u, da na taimakon marayu. Batunmu shi ne rubutaccen bayanin zama, wanda 'yan ƙungiya da yawa suka saba kira minit. Wato takardar nan da sakatare yake rubutawa a kan abin da aka yi a zama, a karanta ta a zama na gaba, a amince da ita, a sa mata hannu.

Galibin ƙungiyoyinmu littafi guda suke da shi, kuma salon rubutu guda. Ko mutum biyar ne suka zauna a ɗakin sakatare, ko amintattu ne suka haɗu, ko kuwa jama'a ce ta cika ɗakin taro, abin da ake rubutawa ba ya wuce "an tattauna, an amince". Ranar da banki ko hukuma ko kotu ta nemi shaida, sai a tarar takardar ba ta nuna wanda ya amince ba, ba ta kuma nuna ko yana da ikon amincewar ba. Abin da nake so mu riƙe tun daga farko shi ne wannan: ƙarfin bayanin zama daidai yake da ikon waɗanda suka yi zaman. Kwamiti shawara yake bayarwa. Amintattu suna zartarwa a cikin iyakar da aka gindaya musu. Babban taro shi ne mai ƙungiya, shi yake yanke manyan hukunce-hukunce. Tun da iko ya bambanta, dole rubutu ya bambanta. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Mu fara da abin da doka ta tanada. A Nijeriya, yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi suna yin rajista ne da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni da ake kira CAMA. Ta yanzu ita ce wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na 2020, ta maye gurbin ta 1990. Kashi na F na dokar shi ne ya shafi ƙungiyoyin da ake yi wa rajista da sunan amintattunsu. Tun a ranar neman rajista, cikin takardun da dokar ta ce a kai har da bayanin zaman da aka naɗa amintattu aka kuma ba da izinin neman rajistar, mai ɗauke da sa hannu, mai nuna waɗanda suka halarta da yawan ƙuri'un da aka samu. Kun ga ke nan ƙungiya ba ta samun takardar shaidarta sai da bayanin zama. Ƙungiyoyin gama-kai kuwa dokarsu daban ce, ofishin rajistarsu ma daban, haka nan 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar suna da tasu dokar. Amma waɗannan matakai uku na iko kusan ko'ina akwai su.

Akwai abu biyu a dokar da suke fayyace mana tsani. Na farko, ƙungiya tana iya kafa majalisar gudanarwa wadda za ta ƙunshi amintattu, ta ɗora mata ayyukan tafiyar da al'amura. Na biyu, ikon da amintattu suke da shi suna amfani da shi ne bisa umarnin ƙungiya ko na wannan majalisa. Wato dukiya tana rubuce da sunansu, amma amana ce a hannunsu. Sauran bayanai, kamar mutum nawa ne za su halarta kafin zama ya halatta, kwana nawa za a ba da sanarwa, da yawan kuɗin da amintattu za su iya kashewa ba tare da komawa ga mambobi ba, duk suna cikin kundin tsarin mulkin kowace ƙungiya. Don haka sakataren da bai karanta kundin ƙungiyarsa ba, ba zai iya rubuta bayanin zama mai inganci ba.

Wani ɗan gyara kafin mu ci gaba. A bakin jama'a akan ce "kwamitin amintattu". Sunan ba laifi ba ne, amma yana sa a ɗauka amintattu daidai suke da kwamitin walwala ko kwamitin gine-gine. A wannan shiri zan riƙa cewa majalisar amintattu, domin a rabe su da ƙananan kwamitoci. Idan a ƙungiyarku majalisar gudanarwa ce take yin wannan aiki, abin da zan faɗa ya hau kanta.

To, domin kada magana ta tsaya a sama, mu ƙaddara wata ƙungiyar ci gaban gari. Misali ne na tsara don koyarwa, ba wata ƙungiya ta musamman nake nufi ba. Tana da mambobi 240 masu biyan kuɗin wata. Kundinta ya ce babban taro ba ya halatta sai kashi ɗaya cikin uku na mambobi sun zo, wato mutum 80, kuma sai an ba da sanarwa kwana 21 kafin ranar. Amintattunta bakwai ne, huɗu suna isa a yi zama. Suna da ikon ba da kwangilar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, amma ba su da ikon ɗora wa mambobi sabon karo-karo. Garin yana fama da ƙarancin ruwa, sai majalisar amintattu ta kafa kwamitin mutum biyar, ta ce ya binciko yadda za a haƙa rijiyar burtsatse, ya kawo rahoto cikin mako shida. Wannan rijiya guda za ta bi ta zama uku, kuma a kowanne rubutun da za a yi a kanta daban ne.

Zama na farko shi ne na kwamiti. Bayanin zaman kwamiti takardar aiki ce. Abin da ya kamata ya zo a samansa, bayan rana da wuri da sunayen mahalarta, shi ne wanda ya kafa kwamitin da aikin da aka ba shi. Sakataren kwamiti ya rubuta cewa majalisar amintattu ce ta kafa su a zamanta na rana kaza, domin su nemo wuri, su karɓi farashi daga masu haƙa, su ba da shawara. Wannan layi shi ne katangar kwamitin. Duk abin da ya fita bayansa, kwamiti ya shiga gonar da ba tasa ba.

Daga nan sai bayani dalla-dalla, domin a cikin zama ukun nan, na kwamiti ne ya fi buƙatar tsawaitawa. A misalinmu, masu haƙa uku ne suka kawo farashi: na farko naira miliyan 4 da dubu 200, na biyu miliyan 4 da dubu 800, na uku miliyan 5 da dubu 500. Kwamiti ya karkata ga na biyu, ba mafi araha ba. Dole bayanin zama ya faɗi dalili. Ya nuna cewa farashin na farko bai ƙunshi binciken ƙasa don gano inda ruwa yake ba, bai kuma ƙunshi tanki da ƙarfen ɗora shi ba, alhali na biyu ya haɗa duka, har da alkawarin gyara na shekara guda. Idan ba a rubuta wannan ba, bayan shekara biyu wani zai tashi ya ce an tsallake mai sauƙi ne don a ba ɗan'uwa, kuma ba za a sami abin kare kai ba. Idan mutum ɗaya cikin biyar bai yarda da zaɓin ba, a rubuta ra'ayinsa da hujjarsa, domin amintattu suna da haƙƙin su ji ɓangare biyu. Sannan a rubuta rabon aiki: wane ne zai je ya ga rijiyoyin da mai haƙan ya yi a baya, wane ne zai gana da mai unguwa kan fili, kuma zuwa yaushe.

Kalmar da take rufe bayanin kwamiti ita ce shawara. A rubuta: "Kwamiti yana ba majalisar amintattu shawarar ta ba mai haƙa na biyu aikin a kan naira miliyan 4 da dubu 800." Kada a rubuta "kwamiti ya ba da kwangila", kada a rubuta "kwamiti ya amince a fitar da kuɗi". Kuskuren da aka fi yi ke nan. Shugaban kwamiti yakan ɗauki irin wannan takarda ya nuna wa ɗan kwangila, shi kuwa ya kawo injinsa ya fara aiki, alhali ba wanda yake da iko da ya ɗaure ƙungiya da bashin. Akwai lokacin da majalisa takan ba kwamiti ikon yanke wani ƙaramin abu da kansa, kamar kashe kuɗin mota da bai wuce naira dubu 50 ba. A nan kwamiti yana iya rubuta cewa ya amince, amma ya ambaci zaman da aka ba shi wannan izini. Shugaban kwamiti da sakatarensa ne suke sa hannu, kuma takardar tana tafiya ne zuwa ga wanda ya kafa kwamitin. Ba a kai ta banki, ba a kai ta hukuma.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan bambancin bayanin zaman kwamiti, na majalisar amintattu da na babban taro, muna kuma bin misalin wata ƙungiya da take son haƙa rijiyar burtsatse. Mun ga na kwamiti, yanzu sai zama na biyu.

Bayanin zaman majalisar amintattu takardar ɗaukar nauyi ce. Waɗannan su ne mutanen da sunansu yake a wurin hukuma, su za a tuhuma idan dukiya ta salwanta. Don haka a nan sunaye suna da muhimmanci ƙwarai. A rubuta cikakken sunan kowane amintacce da ya zo, da wanda ya aiko uzuri, da wanda bai zo ba kuma bai aiko ba. Sannan a ware wani layi daban na waɗanda aka gayyata, kamar shugaban kwamitin rijiya da ya zo gabatar da rahoto. Dalilin warewar shi ne baƙo ba ya cikin lissafin adadin da zama ke halatta da shi, ba ya kuma jefa ƙuri'a. Idan aka cakuɗa sunaye, amintattu uku da baƙi biyu sai su zama kamar mutum biyar, alhali zaman bai ma halatta ba.

A misalinmu amintattu shida ne suka zo. Sakatare ya rubuta cewa shugaba ya tabbatar adadi ya cika. Da aka zo kan batun rijiya, sai ɗaya daga cikinsu ya ce mai haƙa na biyu surukinsa ne. Wannan magana dole ta shiga rubutu: ya bayyana alaƙarsa, ya fita daga ɗakin da ƙarfe kaza, bai jefa ƙuri'a ba, ya dawo bayan an gama. Sakatare ya ƙara da cewa bayan fitarsa saura mutum biyar, adadi bai karye ba. Wannan ɗan rubutu yana kare mutuncin dattijon, yana kuma kare kwangilar kanta. Dokar ta ce kuɗi da dukiyar ƙungiya ana amfani da su ne kawai wajen cimma manufofinta, ba a raba su ga mambobi a matsayin riba. Duk inda ɗan gida yake da alaƙa da ciniki, idon masu bincike yana wurin.

Majalisa ba ta buƙatar sake kwafe duk abin da kwamiti ya rubuta. Ya isa a ce an karɓi rahoton kwamiti mai kwanan wata kaza, an liƙa shi a bayan wannan bayani. Sai a taƙaita manyan abubuwan da aka auna cikin layi uku ko huɗu, ba tare da cewa wane ya ce kaza, wane ya mayar masa da kaza ba. Sunan mutum yana fitowa ne idan shi ya gabatar da ƙuduri, ko ya mara masa baya, ko ya nemi a rubuta cewa bai yarda ba. Kuma wannan haƙƙinsa ne. Amintaccen da ya ga ana shirin yin abin da ya saɓa wa kundi, kariyarsa ita ce a rubuta ƙin yardarsa da sunansa.

Zuciyar bayanin majalisa ita ce ƙuduri, kuma ana rubuta shi ne yadda wanda bai halarci zaman ba zai iya aiki da shi. Ga yadda zai kasance: "Majalisar amintattu ta zartar da cewa a ba mai haƙa na biyu aikin rijiyar burtsatse a kan naira miliyan 4 da dubu 800, a biya shi kashi uku bisa ci gaban aiki, shugaba da sakatare su sa hannu a yarjejeniyar, da sharaɗin babban taro ya amince da karo-karon da zai cike kuɗin. Huɗu sun goyi baya, ɗaya ya ƙi." Ku lura da abin da ke ciki: adadin kuɗi, yadda za a biya, masu sa hannu, sharaɗi, da ƙuri'u. Ku kuma lura da inda majalisa ta tsaya. Kuɗin kwangilar bai kai miliyan 5 ba, don haka tana da ikon bayarwa. Amma abin da za a iya cirewa daga asusu don wannan aiki miliyan 2 da dubu 400 ne, rabin kuɗin ke nan. Sauran rabin sai an ɗora wa kowane mamba naira dubu 10, wannan kuwa ba ikonta ba ne. Sai ta yi ƙuduri na biyu, na kiran babban taro da miƙa masa batun. Majalisar da ta san iyakarta ke nan.

Da yake a zaman amintattu akan taɓo abubuwan sirri, kamar ladabtar da ma'aikaci, ko shawarar lauya, ko sunan marayan da aka taimaka wa, ba a karanta bayaninsa gaba ɗaya a bainar jama'a. Abin da ake kai wa mambobi shi ne rahoton abin da aka zartar. Haka nan idan banki ya nemi shaidar buɗe asusu ko canza masu sa hannu, ba littafin ake ɗauka a kai ba. Ana tsamo ƙudurin da ya shafi bankin kaɗai, a rubuta shi a takardar ƙungiya kalma da kalma yadda yake a littafi, tare da ranar zaman, shugaba da sakatare su sa hannu cewa kwafi ne na gaskiya. Sai dai sirri ba mafaka ba ce. Mai binciken kuɗi yana buƙatar ganin littafin domin ya gwada kowane babban kashe kuɗi da ƙudurin da ya halatta shi, kotu ma tana iya neman sa.

Zama na uku shi ne babban taro, ko na shekara-shekara ko na gaggawa. Bayaninsa takardar shaida ce cewa masu ƙungiya sun yi magana. A nan tambayar da za a yi wa takardar ba ta tsaya ga abin da aka yanke ba, har da ko an kira taron yadda ya kamata. Don haka bayanin yana farawa da sanarwa: ranar da aka fitar da ita, hanyar da aka bi, da ajandar da aka sa a ciki. A misalinmu, idan sanarwar ba ta ambaci karo-karon naira dubu 10 ba, aka bari sai da aka zo "sauran batutuwa" aka jefo shi, mamban da bai zo ba yana da hujjar cewa an yi masa aski a bayan idonsa. Babban batu, musamman na kuɗi, ko zaɓe, ko gyaran kundi, ba a yanke shi sai yana cikin sanarwa.

Sai maganar halarta. Ba a jera sunan mutum ɗari a cikin bayani. Ana ajiye rajista a bakin ƙofa, kowa ya rubuta sunansa da lambarsa ta mamba ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a liƙa ta a bayan bayanin. A cikin bayanin sai a ce mambobi 112 ne masu ikon ƙuri'a suka halarta, adadin da kundi ya nema 80 ne, shugaba ya bayyana cewa taro ya halatta da ƙarfe kaza. Manyan baƙi da iyayen ƙasa a ambace su daban cikin girmamawa, ba a sa su a lissafin 112 ɗin.

Ƙudurin babban taro ana rubuta shi da ainihin kalmomin da aka karanta wa jama'a kafin ƙuri'a, da sunan mai gabatarwa da mai mara baya, da yadda aka yi ƙuri'ar, ɗaga hannu ne ko takarda, da waɗanda suka ƙirga. A misalinmu: 91 sun goyi baya, 15 sun ƙi, 6 ba su jefa wa kowane ɓangare ba. Idan kuka haɗa za ku sami 112, daidai da rajista. Wannan shi ne gwajin farko da mai bincike yake yi. Idan ƙuri'u suka fi mahalarta yawa, takardar ta tona asirin kanta. Idan sun gaza sosai, alama ce mutane sun watse kafin ƙuri'a, sai a tambaya ko adadi yana nan a lokacin. Shi ya sa "an amince da gagarumin rinjaye" ba ya wadatarwa, kabbara da tafi kuma ba ƙidaya ba ne. Muhawarar da aka yi kuwa a taƙaita ta: an nuna damuwa kan masu ƙaramin ƙarfi, aka gyara ƙudurin ya zama za a iya biya kashi biyu. Idan an yi gyara irin wannan, a rubuta ƙudurin yadda ya zama bayan gyaran, domin shi aka jefa wa ƙuri'a.

Akwai al'amuran da babban taro ne kaɗai yake iya yi, kuma nan ne ƙungiyoyi suka fi tuntuɓe. Mu ce a misalinmu ɗaya daga cikin amintattu bakwai Allah ya yi masa rasuwa. Abin da aka saba shi ne sauran shidan su zauna su ce wane ya maye gurbinsa, a rubuta a littafinsu, a ci gaba da aiki. Amma dokar ta ce canza amintacce ko ƙara wani ana yin sa ne da ƙuduri a babban taro, sannan a nemi amincewar hukumar. Za a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Gyaran kundin tsarin mulki ma sai da ƙudurin mambobi da amincewar hukumar. Canjin da aka yi ba ta wannan hanya ba, dokar ta ce ba shi da inganci. To ka ga idan aka kai wa hukuma bayanin zaman amintattu a maimakon na babban taro, an kai takardar da ba ita ake nema ba, ko da an rubuta ta da kyau. Abin da amintattu za su iya shi ne su ba da sunan wanda suke ganin ya dace, a rubuta shi a matsayin shawara ga babban taro. A wannan gaɓa su ma sun koma masu ba da shawara, kamar yadda kwamiti yake a gabansu.

Bayanin babban taro na dukkan mambobi ne, ya kamata duk mamban da ya nema a nuna masa. Yana kuma da wata matsala tasa ta lokaci. Kwamiti yana iya zama bayan mako biyu ya gyara bayaninsa, majalisa bayan wata guda ko uku, amma babban taro sai shekara ta zagayo. Kafin nan an manta da yawa. Maganin wannan shi ne sakatare ya kammala rubutun cikin mako ɗaya ko biyu, shugaban taron ya duba, a raba wa mambobi tun abin yana sabo a zukata, a ajiye rajista da takardar ƙidayar ƙuri'a tare da shi. Ƙudurin da aka yanke yana fara aiki ne tun ranar taron, sai fa in shi kansa ya sa wata rana. Amincewa da bayanin a taro na gaba tabbatarwa ce cewa rubutun ya yi daidai da abin da ya faru, ba dama ce ta sake buɗe muhawara ba. Wanda yake son a warware hukunci, sai ya kawo sabon ƙuduri.

To idan an riga an yi kuskure fa? Mu ce amintattu sun fara karɓar karo-karo ba tare da babban taro ba. Hanya mai tsabta ita ce a kira taron, a sa batun a sanarwa, a gaya wa mambobi gaskiyar abin da ya faru, a nemi su amince da abin da aka riga aka yi ko su ce a mayar da kuɗi, a rubuta haka da ranar da aka yi shi. Abin da ba a yi shi ne a zauna a ƙirƙiri bayanin taron da ba a yi ba, ko a mayar da kwanan wata baya. Wannan ya tashi daga kuskure ya zama ƙirƙirar takardar bogi, kuma laifi ne da yake kai mutum gaban alƙali. Bayanin da aka riga aka sa wa hannu ba a goge shi, ba a yage shafi. Idan an gano tuntuɓen alƙalami, a rubuta gyaran a bayanin zama na gaba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Malam sakatare, Malama sakatariya, ga aikin da za ku iya farawa a wannan mako. Ku raba littattafai: ɗaya na babban taro, ɗaya na majalisar amintattu, kowane kwamiti kuma da nasa fayil. Ku sa wa shafuka lamba, ku sa wa kowane ƙuduri lamba da shekara, domin takarda ta riƙa kiran 'yar'uwarta. Sannan ku ɗauki wani babban aiki da ƙungiyarku ta yi bara, ku bi sawunsa kamar yadda muka bi na rijiyar nan. Ku nemo shawarar kwamiti da dalilanta, ku nemo ƙudurin amintattu da adadin kuɗi da masu sa hannu, ku nemo izinin babban taro da ƙidayar ƙuri'a in aikin yana buƙatarsa. Inda kuka tarar sawu ya ɓace, nan ne za ku kai gaban shugabanni a zama mai zuwa, tun kafin wani daga waje ya tambaya.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Allah ya ba shugabannin ƙungiyoyinmu ikon riƙe amana, ya haɗa kan mambobinsu. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.